Alat ya shigo, amma bashin wa aka biya? Yadda ake ɗora kuɗin tiransifa a kan inboyis ɗin da ya dace

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, biyan bashin kaya a kasuwannin Gombe ya koma cikin waya. Mai shagon da a da yake tasowa daga Kumo ko Bajoga da kuɗi ƙunshe a leda, ya ƙirga a gaban maigida, a buɗe littafi a soke bashinsa yana kallo, yanzu daga zaune yake turowa ta OPay ko PalmPay ko Moniepoint, ko kuma ya miƙa wa mai POS na bakin tasha ya tura masa. Kuɗin na isowa nan take. Abin da ba ya biyo su shi ne maganar da a da mutum yake kawowa da bakinsa: ni ne wane, kuma kuɗin kaya kaza na kawo.

Duk tiransifar da ta faɗo asusun dila tana zuwa da tambaya uku, kuma kowacce da inda ake samun amsarta. Shin kuɗin sun shigo da gaske? Na wane kwastoma ne? Wane inboyis yake biya? Inboyis a nan shi ne takardar da aka yanka wa kwastoma ranar da ya ɗauki kaya, mai lamba da kwanan wata da jimillar kuɗi, kuma muddin akwai ko naira ɗaya da ta rage a kanta, a buɗe take. Alat yana amsa tambayar farko kaɗai, shi ma ba kullum ba. Yawancin rikicin lissafi tsakanin dila da masu sari a hannunsa daga nan yake tasowa: akawu ya ga alat, ya amsa sauran tambayoyin biyu da ka.

Shigowar kuɗi

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Saƙon tes da hoton rasit da kwastoma ya turo ta WhatsApp labari ne kawai. Shaida ita ce layin da ya bayyana a tarihin asusun shago, a cikin manhajar ko a takardar bayanan asusu. Ana ƙirƙirar alat na bogi, ana gyara hoton tsohon rasit a sauya masa kwanan wata. Akwai kuma wanda babu ha'inci a ciki: an cire wa kwastoma kuɗi, wayarsa ta nuna `Successful` ko `Pending`, amma ba su iso ba. A irin wannan ba a rubuta komai a littafin bashi, domin in tiransifar ta faɗi, asusunsa kuɗin za su koma. Ranar da za a rubuta ita ce ranar da suka sauka a asusun shago, ko da shi jiya da daddare ya tura.

Da zarar an tabbatar, a rubuta shigowar kuɗin a ranar, ko an san mai su ko ba a sani ba: kwanan wata, lokaci, adadi daidai yadda ya shigo, sunan da ya fito a matsayin mai turawa, da lambar tiransifar. Wannan lambar ita ce ginshiƙin aikin. Kuɗin da suka tsallaka daga wani banki ko walat zuwa wani suna bi ta NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankunan Najeriya wajen tura kuɗi, kuma ana ba kowace tiransifa `Session ID` mai alƙaluma 30, wadda take iri ɗaya a rasit ɗin mai turawa da bayanan mai karɓa. In kuwa duka biyun a kamfani ɗaya suke, kuɗin ba sa fita waje, sai a yi amfani da lambar ma'amalar da ke jikin rasit ɗin. Suna kan zo iri ɗaya, adadi kan zo iri ɗaya, amma wannan lamba ba ta maimaituwa.

Misali daga rumbun wani dila

A ɗauka wani dila ne a Babbar Kasuwar Gombe mai sayar da shinkafa da sukari da man girki da taliya, yana ba amintattun masu shaguna kaya su biya cikin mako biyu. Wani Alhaji mai shago a Kumo yana da inboyis uku a buɗe. Lamba 0412 ta ranar 3 ga wata, naira 480,000 ce, ya ba da 200,000 ranar ɗaukar kaya, saura 280,000. Lamba 0437 ta ranar 10 ga wata, naira 185,000. Lamba 0459 ta ranar 17 ga wata, naira 320,000. Jimillar abin da ake bin sa 785,000 ke nan. Akwai kuma wata Hajiya mai shago a Bajoga da inboyis ɗaya, 0441, ita ma naira 185,000, don irin kayan da Alhajin ya ɗauka ta ɗauka a mako guda, a farashi guda. Wanda ya san harkar sari ba zai yi mamakin wannan ba. Inda ake sayar da kaya kala ƙalilan a tsayayyen farashi, inboyis masu adadi ɗaya ruwan dare ne.

Ranar 20 ga wata da ƙarfe 10:42 na safe naira 200,000 suka shigo, da sunan wani mutum da babu shi a littafin bashi. Da ƙarfe 1:15 naira 185,000 suka shigo da sunan wani shagon POS, gurbin bayani babu komai. Da yamma naira 99,000 suka shigo daga wani mai POS ɗin daban. Washegari da ƙarfe 8:05 sai ga 80,000 daga mutumin farko.

Mu fara da 200,000. Babu inboyis mai wannan adadin, babu kwastoma mai wannan sunan. Akawu ya rubuta shigowarta ya bar gurbin kwastoma a buɗe. Kafin azahar Alhajin Kumo ya kira maigida: "Alhaji, yaron nan ya turo ɗari biyu, ragowar sai gobe in Allah ya kai mu, wai ta ƙi wucewa." Sunan ɗansa ne ya fito, don walat ɗin ɗan ne. Dalilin da ta ƙi wucewa ma sananne ne. Ƙa'idar Babban Banki ta kasa walat mataki uku gwargwadon shaidar da mai shi ya bayar: na farko naira 50,000 a rana, na biyu 200,000, na uku miliyan 5. Mai mataki na biyu da ke son biyan 280,000 dole ya raba su kwana biyu, ko ya ara walat ɗin wani. Saboda haka in ka ga adadi ya tsaya cif a 50,000 ko 200,000, washegari da sassafe kuma wani guntu ya biyo baya daga suna ɗaya, haɗa su ka gani. Nan 200,000 da 80,000 sun ba da 280,000, cikon inboyis 0412 daidai. Amma a littafi layi biyu za a rubuta, kowanne da ranarsa da lambarsa, duka a kan 0412. Wanda ya jira ya haɗe su ya rubuta 280,000 a layi ɗaya, ranar da aka zo gwada littafi da bayanan asusu zai nemi 280,000 ya rasa, domin ba su taɓa shigowa a dunƙule ba.

Kafin a rufe wannan, akawu ya ƙara abu ɗaya a shafin Alhajin Kumo: sunan ɗan nasa, da cewa ta walat ɗinsa ake turowa. Kowane kwastoma ya kamata a ajiye masa jerin sunayen da kuɗinsa ke fitowa da su, na ɗa, na mata, na ƙane, na yaron shago. Cikin 'yan watanni wannan jeri zai riƙa warware mafi yawan alat ba tare da an kira kowa ba. Sunan mai POS ne kaɗai ba a saka shi a jerin a matsayin hujja, don mai POS ɗaya yana iya tura wa kwastomominka uku na gari ɗaya.

Naira 185,000 ɗin nan

A nan aka fi faɗawa rami. Akawu yana da inboyis biyu masu wannan adadi. Alhajin Kumo ya riga ya fara biya a ranar, ya kuma yi waya, don haka zuciya za ta raya masa cewa shi ne ya ƙaro. Ya ɗora a kan 0437, ya rufe ta. Alhali Hajiyar Bajoga ce ta aiki yaro wurin mai POS, ta ajiye 'yar takardar da injin ya fitar a cikin jaka, ba ta kira kowa ba, don a ganinta ta biya, magana ta ƙare.

Abin da ya sa wannan kuskure ya fi sauran haɗari shi ne ba ya nuna kansa. Kuɗin asusu sun yi daidai da littafin shiga. Jimillar bashin da ake bin mutane gaba ɗaya ita ma daidai take, kobo bai yi ciwon kai ba. Duk wani gwaji da ake yi a kan jimilla zai wuce lafiya. Ɓarnar tana cikin shafuka biyu: an rage wa Alhajin Kumo 185,000 da bai biya ba, an bar wa Hajiyar Bajoga 185,000 da ta biya. Ranar 25 ga wata wa'adinta ya wuce a littafi, yaron shago ya kira ta: "Hajiya, maigida ya ce a tuna miki kuɗin sukarin nan." In ta aiko mota ɗaukar kaya ma a ce sai ta biya na baya. Mutumin da ya biya a kan lokaci aka kira shi da tunin bashi, ko an ba shi haƙuri daga baya, abin yana zama a ransa. Shi kuwa Alhajin, in aka turo masa lissafi ya ga 0437 a rufe, zai iya ɗauka cewa ɗansa ne ya biya, ya yi shiru ba da mugun nufi ba. Bayan wata biyu in gaskiya ta fito, ce masa za a yi ya biya bashin da shagon da kansa ya shaida masa cewa babu shi. Ina ganin a nan laifin na shago ne ɗungurungum, kuma da wuya a karɓi kuɗin ba tare da an ɓata ba.

Abin da ya dace akawu ya yi da ƙarfe 1:15 shi ne ya rubuta shigowar kuɗin ya ajiye su a shafin jira, wato shafin kuɗin da suka shigo ba a san mai su ba tukuna. Daga nan ya tuntuɓi duka biyun, kuma yadda zai yi tambayar yana da muhimmanci. Ba a cewa "kai ne ka turo 185,000?" don ka ba mutum amsa a baki. Ana cewa: "Alhaji, in akwai abin da aka turo yau ban da na safe, a taimaka a turo mana rasit." Wanda ya biya zai kawo takarda ko hoto. A gwada alƙaluma shida na ƙarshe na `Session ID` da na bayanan asusu, a duba adadi da lokaci. In takardar mai POS ba ta nuna lambar ba, mai POS ɗin yana iya buɗe tarihin injinsa ko manhajarsa ya fito da cikakken rasit. Sai lamba ta yi daidai kuɗin ke barin shafin jira.

Shafin jira kuwa ba ma'ajiya ba ce. A duba shi kowace yamma kafin a rufe rumbu, kuma duk abin da ya kwana uku a ciki a kai wa maigida, don shi ya fi sanin wa ya yi masa alkawarin turo kuɗi. Kada a mayar da kuɗin jira cinikin ranar don shafin ya tsabtace. Mai su zai zo, ko bayan wata shida ne.

Ita kuma 99,000 ta yamma, ta wani mai shago ne a Deba da ake bi naira 100,000 cif. Ya miƙa wa mai POS 100,000 a hannu, shi kuma ya cire ladansa na 1,000 ya tura ragowar. A wurin kwastoma ya biya duka. A asusun shago 99,000 suka shigo, kuma 99,000 za a rubuta, inboyis ya zauna a buɗe da cikon 1,000. Ko dai a shaida masa ya cika a biya na gaba, ko maigida ya yafe, a rubuta layi daban da sunan rangwame, da sa hannunsa. Akawu ba ya yafewa da kansa, ba ya kuma rubuta 100,000 don inboyis ya rufu, domin littafin shiga zai fi asusu da naira 1,000 da babu wanda zai iya bayaninta a ƙarshen wata. Akasin wannan shi ne kuɗin da banki ko walat ya cira daga asusun shago a layinsa daban. Harajin naira 50 a kan tiransifar naira 10,000 zuwa sama, wanda kamfanonin walat suka fara cirewa a Disamba 2024, daga mai karɓa ake cire shi a lokacin, kafin sabuwar dokar haraji ta mayar da shi kan mai turawa daga Janairu 2026. Duk cajin da ya fito a layinsa haka, kashe kuɗin shago ne. Ba a rage shi daga abin da kwastoma ya biya.

In an san mai kuɗin, ba a san inboyis ba

Ranar 24 ga wata ɗan Alhajin Kumo ya sake turo kuɗi sau biyu, 200,000 daga walat ɗinsa da 50,000 daga na ƙanensa, jimilla 250,000. An tabbatar nasu ne. Inboyis biyu suka rage, 0437 mai 185,000 da 0459 mai 320,000, kuma 250,000 ba ta yi daidai da ko ɗaya ba.

Wani zai ce tunda mutum ɗaya ne, a rage daga jimilla kawai, me ya yi zafi? Jimillar ba za ta canza ba, gaskiya ne: 505,000 a cire 250,000, saura 255,000 ko ta ina aka bi. Amma wa'adi a jikin inboyis yake. In aka zuba kuɗin duka a kan 0459, to 0437 ta ranar 10 ga wata za ta tsallake mako biyu a buɗe, littafi ya nuna Alhajin a cikin masu jinkiri, a tsayar masa da kaya. In aka fara da tsohuwar, 0437 ta rufu a ranar wa'adinta, abin da ya rage kuma sai 31 ga wata ya cika mako biyu. Kuɗi ɗaya, mutum ɗaya, amma a lissafi guda ya makara, a ɗayan bai makara ba. Haka nan in akwai kayan da za a dawo da su, ko yaran kasuwa suna karɓar kamasho a kan inboyis ɗin da aka biya, sai an san takamaimai wace takarda ce a rufe.

Ƙa'idar a jere take. Mai biya shi ke da ikon faɗin bashin da yake biya. In ya rubuta lambar inboyis a gurbin `Narration` ko `Remark`, ko ya faɗa a waya, a bi abin da ya ce ko da akwai wadda ta girme ta. Sau da yawa yana da dalili. A ce katan biyu na taliya a cikin kayan 0437 sun jiƙe a hanya, ana kan maganar wanda zai ɗauki asarar, sai ya ce kuɗin nan na 0459 ne. In akawu ya yi gaban kansa ya rufe 0437, ya shafe alamar cewa akwai magana a kanta, kuma lissafin da ke hannun kwastoma ya saɓa da na shago daga ranar. In bai ce komai ba, kuma adadin ya yi daidai da cikon inboyis ɗaya tak a cikin nasa, a ɗora a kanta. In bai yi daidai da kowacce ba, a fara da mafi tsufa, abin da ya yi saura ya gangara ta gaba.

A nan Alhajin bai ce komai ba, don haka rabon zai zama layi uku. Daga tiransifar 200,000, a ɗora 185,000 a kan 0437 ta rufu, a ɗora 15,000 a kan 0459. Tiransifar 50,000 ta tafi kan 0459 gaba ɗaya. An biya 65,000 ke nan daga 320,000, saura 255,000. Tiransifa ɗaya tana iya rabuwa kan inboyis biyu, inboyis ɗaya yana iya karɓar tiransifa uku. Wannan ne ya sa littafin da ke da gurbi ɗaya na "an biya" a gaban kowane inboyis ba ya ɗaukar wannan aiki.

Tsarin littafin

Ko a takarda ko a kwamfuta, shafi uku ake buƙata. Shafin shiga, layi ɗaya ga kowace tiransifa. Shafin inboyis, layi ɗaya ga kowace takarda. Sai shafin rabo a tsakaninsu, wanda kowane layinsa ke cewa daga tiransifa mai lamba kaza an ɗora naira kaza a kan inboyis kaza. Ba a rubuta "an biya" da hannu a shafin inboyis, daga shafin rabo ake tattaro shi. A Excel, in shafin mai suna `Rabo` yana da lambar tiransifa a gurbin A, lambar inboyis a B, adadi a C, to abin da aka biya a kan inboyis ɗin da lambarsa ke `A2` shi ne:

```
=SUMIF(Rabo!B:B,A2,Rabo!C:C)
```

A shafin shiga kuma, in lambar tiransifa tana `C2` adadi yana `E2`, abin da ba a raba ba tukuna shi ne:

```
=E2-SUMIF(Rabo!A:A,C2,Rabo!C:C)
```

Sifili na nufin an gama da ita. Adadi sama da sifili na nufin kuɗin na jira, ko kuma rarar kwastoma ce. Ƙasa da sifili na nufin an raba fiye da abin da ya shigo, a koma a duba.

Akwai wani tarko a Excel da ya kama mutane da yawa. Alƙaluma 15 kawai yake riƙewa a lamba. In ka buga `Session ID` mai 30 kai tsaye, zai mayar da alƙaluman ƙarshe sifili, ya zubar da sifilan farko, ya nuna maka wani abu mai `E+` a ciki, kuma ainihin lambar ta tafi ke nan. Ko ka mayar da gurbin `Text`, `SUMIF` da `COUNTIF` suna gwada alƙaluma 15 na farko ne kawai. Farkon `Session ID` kuwa lambar bankin mai turawa ce da kwanan wata da lokaci, don haka tiransifa biyu daga banki ɗaya cikin 'yan mintuna suna iya zama abu ɗaya a idonsa. Maganin mai sauƙi ne: a sa harafi a gaban lambar, kamar `S`, duk inda za a rubuta ta. Da haka za a iya kama maimaici:

```
=COUNTIF(C:C,C2)
```

Duk layin da ya ba da 2, an rubuta tiransifa ɗaya sau biyu. Yana faruwa fiye da yadda ake zato, saboda kwastoma kan tura hoton rasit ɗaya ga maigida da akawu da yaron da ya loda masa kaya, kowa kuma ya kawo a rubuta. Wani ma kan sake turo rasit ɗin makon jiya, da gangan ko da mantuwa. Mai littafin takarda ya riƙa rubuta alƙaluma shida na ƙarshe, ya duba su kafin ya buɗe sabon layi.

Masu amfani da manhajar lissafi irin QuickBooks nasu kuskuren daban ne. Kuɗin bashi ta `Receive Payment` ake shigar da su, a zaɓi kwastoma, a yi alama a kan inboyis. Wanda ya shigar da su a matsayin `Sales Receipt` ya rubuta sabon ciniki ne: cinikin watan ya ninka a kan kayan nan, inboyis kuma yana nan a buɗe. Alamarsa ita ce ciniki ya fi abin da ya fita daga sito, bashi kuma ba ya raguwa duk da alat na shigowa.

In an gano an ɗora kuɗi a inda bai dace ba, kamar 185,000 ɗin Hajiyar Bajoga, ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa. A shafin rabo a ƙara layi biyu da kwanan ranar gyara: na farko ya cire 185,000 daga 0437, na biyu ya ɗora su a kan 0441, duka da lambar tiransifa ɗaya, da gajeren dalili. Wanda ya duba bayan shekara zai ga abin da ya faru da wanda ya gyara. Shafin da ake gogewa kuma shi ne mafakar yaron da ke karɓar kuɗin wani kwastoma ya ci, ya toshe gurbin da kuɗin wanda ya biya bayansa.

Rara tana zama a shafin mai ita har ya ɗauki sabon kaya a ɗora masa, haka ma kafin alƙalamin da aka turo kafin a yanka inboyis. In dole a mayar da kuɗi, asusun da suka fito ake mayar wa, ba wani asusun da aka karanto a waya ba. Wanda ya kira yana cewa ya turo bisa kuskure, a mayar masa ta wata lamba daban, a kai maganar banki, domin in kuɗin na zamba ne, asusun shago za a riƙe.

Rabin wahalar nan tana raguwa tun daga ranar ɗaukar kaya. A buga lambar asusun shago a ƙasan kowane inboyis, da layi ɗaya: in za ka turo kuɗi, rubuta lambar wannan takarda a gurbin bayani, ko ka ce wa mai POS ya rubuta. Asusun kuma ya zama na shago ne kaɗai. Ranar da sabis ya ɗauke aka ce kwastoma ya tura walat ɗin yaron shago, kuɗin sun biya bashi amma ba za su taɓa fitowa a bayanan asusun shago da sunansa ba. In hakan ta kama dole, a rubuta su ranar, yaron ya turo su cif ba tare da ya haɗa da na wani ba, a ajiye rasit ɗin duka biyun.

Bayan kowane rabo kuma, a tura wa kwastoma saƙo a ranar, kafin kowa ya manta. Na Alhajin Kumo na ranar 24 ga wata zai kasance haka: "Salamu alaikum Alhaji. Mun ga 200,000 da 50,000 na yau, Allah ya ƙara buɗi. Mun rufe 0437, mun sa 65,000 a kan 0459, saura 255,000 zuwa 31 ga wata. In ba haka kake so a raba ba, a sanar da mu."